Sukuk ko takardar lamuni: tambayoyin mai neman kuɗin shiga ba tare da fargaba ba

Yawancin masu kawo mini wannan tambaya ba 'yan kasuwar hannun jari ba ne. Malamin makaranta ne da garatutinsa ya fito, ko matar da aka raba gado aka danƙa mata kason marayu, ko ɗan kasuwar da ƙarfinsa ya fara ja baya yana son ya ajiye wani abu da zai riƙa ɗigo masa. Ba su neman kuɗinsu ya ninka. So suke uwar kuɗi ta tsira, wani abu kuma ya riƙa shigowa a kan lokaci. Amsoshin nan a kan takardun gwamnatin tarayyar Najeriya na gina su, waɗanda Ofishin Kula da Basussuka, wato DMO, yake fitarwa, domin su ne mai taka-tsantsan ya fi cin karo da su.

Mece ce takardar lamuni, mene ne kuma sukuk?

Takardar lamuni shaidar bashi ce. Ka ba gwamnati rancen naira miliyan ɗaya na shekara bakwai, ta yi maka alkawarin kuɗin ruwa kaza duk wata shida, ranar da wa'adi ya cika ta maido maka da miliyanka. Kai mai bin bashi ne, ita kuma wadda ake bi. Abin da ta yi da kuɗin bai shiga yarjejeniyarku ba.

Sukuk kalmar Larabci ce, jam'in sakk, takardar shaidar mallaka. A sukuk ɗin gwamnatin tarayya ba rance kake bayarwa ba, aƙalla a takarda. Gwamnati ta kafa wani kamfani na musamman, FGN Roads Sukuk Company 1 Plc, shi ke karɓar kuɗin jama'a a matsayin amintacce, a gina hanyoyi da su. Masu takardun su ne suka mallaki amfanin waɗannan hanyoyi, gwamnati kuma ta ɗauke su haya. Abin da ke shigo maka duk wata shida kuɗin haya ne. Idan wa'adi ya cika, gwamnati ta sayi kason naka a kan farashin da ka zuba tun farko. Sunan wannan tsari ijara.

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ko Abuja zuwa Lokoja ya ga allunan da ke nuna ɓangaren da aka gina da kuɗin sukuk. Na farkon, wanda aka fitar a watan Satumbar 2017, naira biliyan 100 ne, aka raba shi a kan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar.

Akwai wani tarko na harshe da ya kamata a kauce masa. A Hausa riba ita ce abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, halal ce tsantsa. A Larabci kuma kalma mai kama da ita ce sunan abin da aka haramta. Shi ya sa a nan zan riƙa cewa kuɗin ruwa idan ina nufin abin da ake ɗorawa a kan bashi.

To a aljihuna fa, akwai bambanci?

Kaɗan ne ƙwarai, kuma gara a faɗi haka tun da wuri. Ɗauki wanda ya zuba naira miliyan biyar a sukuk ɗin Disambar 2021, mai wa'adin shekara goma, wanda kuɗin hayarsa kashi 12.80 cikin ɗari ne a shekara. Kowace shekara naira 640,000 ke shigo masa, rabi a Yuni, rabi a Disamba, wato 320,000 kowane zuwa. A 2031 a maido masa da miliyan biyar ɗinsa a dunƙule. Maƙwabcinsa da ya sayi takardar lamuni ta shekara goma a daidai wannan lokaci, shi ma haka lissafinsa yake tafiya: adadi tsayayye, sau biyu a shekara, uwar kuɗi a ƙarshe. Ko yawan abin da ake biya ma ba ya yin nisa da juna, domin DMO tana duba abin da takardun lamuni ke bayarwa a kasuwa kafin ta yanka kuɗin hayar sukuk.

Saboda haka wanda ya ce maka sukuk ya fi kawo kuɗi don kawai sukuk ne, bai faɗa maka daidai ba. Abin da ke sa wani ya fi wani shi ne shekarar da aka fitar da shi. Na 2017 ya ba da kashi 16.47, na Yunin 2020 ya sauko zuwa 11.20, na Oktobar 2023 ya ba da 15.75, na Mayun 2025 kuma ya kai 19.75. Kamfani ɗaya, tsari ɗaya, gwamnati ɗaya, amma dubi tazarar. Yanayin kasuwar kuɗi ne ya bambanta.

Idan lissafin ɗaya ne, ba kuɗin ruwa ba ne aka canja wa suna?

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba na son a share ta da murmushi. Malaman da suka halatta sukuk na ijara suna cewa hukunci yana bin irin yarjejeniyar da aka ƙulla. Mutum biyu za su iya samun dubu ɗari a wata, ɗaya daga hayar shagonsa, ɗaya daga bashin da ya bayar da ruwa. Adadi ɗaya ne, hukunci daban. Hayar kadara a kan adadi sananne halal ce ba tare da saɓani ba, kuma duba farashin kasuwa kafin a yanka haya ba ya mayar da ita bashi. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya yana samun amincewar majalisar malamai masana da ke ba Babban Bankin Najeriya shawara a kan harkokin kuɗi marasa ruwa kafin a fitar da shi.

Masu ɗari-ɗari kuma suna nuna wuri ɗaya: alkawarin sayen kadarar a kan farashin farko. Suna cewa mai mallaka na gaskiya yana ɗaukar kasadar faɗuwar darajar kayansa, in an ɗauke masa wannan to ya koma mai bin bashi. A 2007 Shaikh Muhammad Taqi Usmani, wanda a wancan lokaci yake shugabantar majalisar malaman AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara ƙa'idojin kuɗin Musulunci, ya soki mafi yawan sukuk ɗin da ke kasuwa a lokacin a kan wannan batu. A 2008 hukumar ta fitar da matsaya: a sukuk na musharaka da mudaraba, wato na haɗin gwiwar kasuwanci, ba a yarda wanda ke juya kuɗin ya yi alkawarin saye a farashin farko ba, amma a ijara an yarda mai haya ya yi hakan. Namu na gwamnati ijara ne, don haka ya faɗa ɓangaren da aka yarda.

Ni dai abin da nake gani, bambancin na gaske ne ko da bai bayyana a adadin da ke shiga asusu ba. Kuɗin sukuk a ɗaure suke da aiki sananne, ana biyan 'yan kwangila a kan hanyoyin da aka lissafa, ba a zuba su cikin babban kasko a biya albashi ko tsohon bashi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya ɗauki takardar bayanin sukuk ɗin ya kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki. Hanƙoron samun kuɗin shiga bai kai a kwana da shakka ba.

Wanne ya fi aminci? Tunda da hanya a bayan sukuk, ai ya fi?

A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Idan gwamnati ta kasa biya, ba za ka je ka kafa shinge a hanyar Kano zuwa Katsina kana karɓar kuɗin wucewa ba, ba kuma wanda zai sayar da kwalta a raba muku. Hanyar ita ce ginshiƙin yarjejeniyar haya, amma ba jingina ba ce da za a ƙwace. Abin da ka dogara da shi shi ne alkawarin gwamnatin tarayya, kuma shi ne dai abin da mai takardar lamuni ya dogara da shi. Amincinsu ɗaya.

Bashin da gwamnati ta ci da kuɗin ƙasarta shi ne mafi ƙarancin kasada a cikin ƙasar, domin ita ke karɓar haraji da naira. Sukuk ɗin 2017 ya cika wa'adinsa a 2024 an biya masu shi. Sai dai a sani, inshorar da NDIC ke yi wa kuɗin ajiya a banki ba ta shafi sukuk ko takardar lamuni ba. Ba ajiya ba ne, zuba jari ne.

Mene ne zai iya cutar da ni, in dai gwamnati za ta biya?

Abu biyu, kuma dukansu ba sa tambayar ko takardarka sukuk ce.

Na farko tsadar kaya. Mu koma ga mai miliyan biyar ɗin nan. Na san wani dattijo, tsohon hedimasta, da ya yi kusan irin wannan lissafi a ƙarshen 2021. Ya rubuta a bayan littafin ajiyarsa abin da 320,000 za ta yi masa duk wata shida: buhunan masara da shinkafa, kuɗin makarantar autarsa, maganin hawan jini, ɗan abin da zai rage na sabulu da gishiri. A shekarar farko lissafin ya fita. Zuwa 2024, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuɗin sun ci gaba da shigowa ranar da aka ce, ko kwabo bai ragu ba, amma sai da ya soke layi biyu daga cikin jerin. Idan kaya suka tashi da kashi 30 a shekara guda, 320,000 ɗinka abin da 246,000 ke saye bara shi za ta saya bana. Miliyan biyar ɗin da za a maido masa a 2031 ma haka: lambar ce za ta dawo, ƙarfinta ya tafi. Duk takardar da ke biyan adadi tsayayye tana da wannan rauni, kuma tsawon wa'adi yana ƙara shi.

Na biyu sayarwa kafin lokaci. Wannan ya fi ba mutane mamaki, don haka bari in bi shi a hankali. A ce shekara uku sun wuce, saura bakwai, sai wata larura ta taso, dattijon nan yana son kuɗinsa. Gwamnati ba za ta karɓi takardar ba sai 2031, dole ya kai ta kasuwa. A ce a ranar sababbin takardu suna ba da kashi 19. Wa zai sayi mai ba da 12.80 a kan cikakken farashi alhali ga mai 19 a gefe? Ba kowa. Sai an rage masa farashi har abin da zai samu ya yi daidai da 19. Idan aka buga lissafin, kowace naira 1,000 ta takardar za ta koma wajen 765. Miliyan biyar ta zama kusan miliyan 3.8, kafin a cire ladan dillali. Asarar fiye da miliyan ɗaya ke nan, a kan takardar da gwamnati ba ta taɓa saɓa alkawarinta ba.

Haka abin yake a juye. Wanda ya riƙe mai kashi 19.75, idan kasuwa ta sauko zuwa 14, takardarsa ta yi tsada, zai sayar da ita sama da yadda ya saya. Wanda kuma ya riƙe har ƙarshe, hawa da saukar farashin nan ba ruwansa. Shi ya sa nake cewa kuɗin da ka san za ka iya buƙata cikin shekara biyu, na aikin Hajji ne ko na auren 'ya, kada su shiga takardar shekara goma.

Wanne ya fi sauƙin sayarwa idan na matsu?

Takardar lamuni. Nan kam ta yi wa sukuk fintinkau. Dukansu suna kan kasuwannin cinikin takardun kuɗi na NGX da FMDQ, amma takardun lamunin gwamnati sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma bankuna da kamfanonin fansho suna cinikinsu kullum. Sukuk kuwa kaɗan ne, masu shi kuma riƙewa suke yi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa da kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, ba su da wuraren ajiye kuɗi da yawa, in suka samu ba sa saki. Ga ƙaramin mai sayarwa, wannan na nufin zai iya jira kwanaki kafin dillali ya samo mai saye, kuma tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa takan yi faɗi.

Ƙarancin yana cizo ta wajen saye ma. Takardun lamuni kusan duk wata ake gwanjonsu. Sukuk kuwa tun daga 2017 bai wuce sau ɗaya a shekara ba, wasu shekarun ma ba a fitar ba. A Mayun 2025 an nemi naira biliyan 300, masu so suka kawo sama da tiriliyan biyu. In garatutinka ya fito a watan da ba a buɗe ba, ko ka jira, ko ka saya a kasuwa a farashin ranar.

Ina son abin da zai riƙa shigowa duk wata. Akwai?

Babu ɗaya daga cikinsu da ke biya wata-wata. Sukuk da babbar takardar lamuni duk wata shida ne. Akwai ƙaramar takardar da ake kira FGN Savings Bond, wadda aka fara a Maris 2017 domin masu ƙaramin ƙarfi: daga naira 5,000 ake shiga, wa'adinta shekara biyu ko uku, tana biya duk wata uku, kuma duk wata ake buɗe ta. Ta fuskar tsari ita ce ta fi dacewa da ɗan fansho, gajeren wa'adi da biya akai-akai. Amma mai ruwa ce. Wanda ya guje wa ruwa ba shi da irinta a ɓangaren sukuk na gwamnati, kuma wannan giɓi ne da nake fatan a cike.

Dabarar da ta rage ita ce haɗa sukuk masu watannin biya daban-daban. Wanda aka fitar a Oktoba yana biya a Afrilu da Oktoba, na Mayu yana biya a Mayu da Nuwamba, na Disamba yana biya a Yuni da Disamba. In ka raba kuɗinka uku a kansu, sau shida za ka ga kuɗi a shekara, sai dai a cunkushe suke, daga Janairu zuwa Maris babu komai, haka daga Yuli zuwa Satumba. Don haka dole dai a koyi raba abin da ya shigo. Mai karɓar 320,000 ya ɗauka albashinsa 53,000 ne a wata, ya ajiye sauran a wani asusun da ba shi da katin cire kuɗi. Rabawar tana da wani amfanin: wa'adinsu ba zai cika rana ɗaya ba, ba za a maido maka da dukiyarka gaba ɗaya a shekarar da kasuwa ke ba da kaɗan ba.

Nawa ake fara shiga da shi, kuma ta ina?

Sukuk ɗin gwamnati naira 1,000 ne kowane ɗaya, mafi ƙaranci a sayi na 10,000. Idan an buɗe, DMO tana sanarwa tare da sunayen bankuna da dillalan da aka amince su karɓa, kuma kwanaki kaɗan ake bayarwa. Za a nemi BVN, da lambar asusun bankin da za a riƙa turo hayar, da asusun CSCS inda ake ajiye takardun da sunanka, wanda dillalin hannun jari ke buɗe maka. Babbar takardar lamuni kuwa a wajen gwanjo sai mai sama da naira miliyan 50, ƙaramin mai saye ta hannun dillali yake samunta a kasuwa.

In a kasuwa za ka saya, kada ka tsaya a kan adadin da aka rubuta a jikin takardar. Ka tambayi dillali abu biyu: nawa zan biya a kan kowace naira 1,000, kuma nawa ke nan zan samu a shekara in na riƙe har ƙarshe? Mai kashi 19.75 da aka sayar maka da tsada zai iya zama daidai da mai 12.80 da aka sayar maka da araha. Ka kuma tabbatar dillalin yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, kuma bayan ciniki ka ga takardun sun bayyana a asusunka na CSCS. Mai cewa ka turo kuɗi asusunsa na kansa zai saya maka, ka riƙe kuɗinka.

Wanda ba Musulmi ba zai iya saya?

Ƙwarai. Ba a tambayar addini, kuma kamfanonin fansho da bankuna na yau da kullum suna cikin manyan masu saye.

Sukuk na jihohi da na kamfanoni fa? Na ga sukan ba da fiye da na tarayya.

Suna ba da ƙari ne domin kasadarsu ta fi. Jihar Osun ce ta fara fitar da sukuk a Najeriya, a 2013, aka gina makarantu da kuɗin. Irin wannan, amincinsa yana ga kuɗin shigar jihar da tsarin da aka yi na cire biyan tun daga tushe. Na kamfani kuma yana ga lafiyar kamfanin. Kalmar sukuk ba ta hana kamfani karyewa.

Sannan ba kowane sukuk ne ijara ba. A na mudaraba ko musharaka kai abokin kasuwanci ne, adadin da aka rubuta hasashen riba ne, zai iya raguwa, uwar kuɗi ma za ta iya taɓuwa. Wasu ma ba su da ranar maido da uwar kuɗi. Mai neman abin da zai ci duk wata shida ya karanta shafin farko ya ga wane iri ne kafin ya sa hannu.

Akwai kuma wata kasada da takardar lamuni ba ta da ita sam. A 2017 kamfanin Dana Gas na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya sanar cewa sukuk ɗinsa na dala miliyan 700 ya daina dacewa da shari'a, don haka ba zai biya yadda aka yi alkawari ba. Aka yi ta shari'a a kotunan Ingila da na Sharjah, sai a 2018 aka sasanta da masu takardun. Wanda ya ci bashi da takardar lamuni ba shi da irin wannan ƙofa ta zillewa.

Kai da za ka ba mahaifiyarka shawara, me za ka ce?

Zan fara tambayarta ko kuɗin ruwa abu ne da ba za ta taɓa ba. In haka ne, zance ya ƙare, sukuk na ijara na gwamnatin tarayya, kuma ba ta yi asarar komai ba ta fuskar aminci ko yawan abin da za ta samu. Abin da ta rasa shi ne sauƙin sayarwa da zaɓin gajeren wa'adi, sai mu rufe wannan da ajiye kuɗin cefanen shekara guda a gefe, inda hannu zai kai ba tare da an sayar da komai ba. Zan ce, Hajiya, kada mu zuba duka a fitowa ɗaya, mu raba biyu ko uku, mu fi karkata ga wanda saura shekara uku ko huɗu ya cika a kan mai shekara goma. Kuma duk lokacin da haya ta shigo, in hali ya yi, a mayar da kashi ɗaya cikin biyar a sake saye, domin a rage abin da tsadar kaya ke ci.

Ga wanda ruwa bai dame shi ba, ya jera su biyun a ranar da zai saya, masu wa'adi kusan ɗaya, ya dubi wanda ya fi ba da abin kirki bayan an cire ladan dillali. In tazarar ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma yana jin zai iya buƙatar kuɗinsa kafin lokaci, ya ɗauki takardar lamuni.